Aikin tayil a banɗakinmu: gangarar daga daɓe take

Mai tayil ɗin da ya gyara mana banɗaki a Zariya ya fi sauran da muka tambaya tsada, kuma ya fi su jan lokaci, amma ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Da can ruwan wanka kwanciya yake yi a bayan ƙofa, kullum sai an bi shi da tsintsiya.

Ya fasa tsohon tayil har ya kai ga kankare, ya share, ya yayyafa ruwa, sannan ya fara awo daga bakin rariya. Banɗakin mita 2 ne da mita 1.5, rariyar tana kusurwa, wato daga can lungu mafi nisa zuwa bakinta kusan mita 2.5 ke nan. Ya ba kowace mita gangarar santimita 1.5, sai lungun ya ɗara bakin rariya da kusan santimita 4. Ya ja zare, ya zuba kwaɓin siminti ɗaya yashi uku a kan wannan awo. Na ce, "Malam, ba a wajen manna tayil ake fitar da gangarar ba?" Ya ce, "A'a Alhaji, in ka cika gam a gefe guda, yana bushewa zai ja, tayil ya zauna a karkace." Da daɓen ya yi mako, ya sheƙa masa bokitin ruwa a gabana, duk ya bi hanyarsa. Bayan ya sake bushewa ne ya shafa maganin hana yoyo, har ya haura da shi jikin bango.

Na so manyan tayil masu santimita 60, ya hana ni. Babban tayil ba ya bin gangara a ɗan ƙaramin wuri sai an yayyanka shi, don haka muka ɗauki mai santimita 30, marar santsi. Irin tayil ɗin nan mai tauri kusan ba ya shan ruwa, shi ya sa zallar siminti ba ta riƙe shi. Gam mai alamar C2 a jikin buhu ya sa na saya. Kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa saboda iskar hunturu na saurin busar da shi, ya shimfiɗa da cokali mai haƙora, ba ɗigo biyar da wasu ke yi ba. Na bi ina ƙwanƙwasawa da kan makulli, ban ji mai ƙarar holoƙo ba.

Inda ya gaza shi ne wajen cike tsakani. Ya bar ratar milimita 3, ya jira kwana guda, ya cike da garin cike tsakani ruwan toka maimakon farar siminti, duk daidai. Sai dai ya makara wajen gogewa da soso, hazo ya bushe a fuskar tayil ɗin, mu muka sha wahalar kankare shi. Kusurwar bango da ƙasa ma sai da na tuna masa ya sa silikon, don abin cikewa mai tauri tsagewa yake yi a nan.