Laftop da PS5: zafin iri ɗaya ne, maganin ne daban

"Jama'a, ni da ƙanena kan daɗe muna buga gem, ni a laftop shi a PS5. Bayan awa ɗaya tawa sai ta soma sarƙewa, tashi kuma fanka ta dinga ihu, rannan har ta rubuto masa wai ta yi zafi. Matsalar ɗaya ce? Mu sayi fankar da ake ɗora na'ura a kai?"

Ɗan'uwa, dakata da sayen fankar tukuna. Duk wutar da waɗannan na'urori suka sha, kusan gaba ɗayanta zafi take komawa. PS5 kan ja wajen wat 200 a gem mai nauyi, laftop ta gem ma idan ta ɗau kaya tana iya haura wat 100. Hanyar fitar da zafin ɗaya ce: jan ƙarfe ya kwaso shi daga kan firosesa ya kai wa wasu siraran faifan ƙarfe da ke jere kamar haƙoran mataji, fanka ta hura iska ta tsakaninsu. Da fari ƙarfen da jikin na'urar suna da sanyi, su ke shanye zafin, shi ya sa komai ke tafiya lafiya lau. Sai sun ƙoshi ake gane ko iskar da ke wucewa ta isa. Daga nan ne labarin naku biyu ya rabu.

Laftop matsalarta ƙunci. Fankokinta ƙanana ne, faifan ƙarfen ba su fi kaurin yatsa ba, kuma a yawancinsu CPU, wato babbar firosesa, da GPU, mai zana hotunan gem, bututun jan ƙarfe ɗaya suke rabawa, in ɗaya ya yi zafi sai ya shafa wa ɗan'uwansa. Ga shi ta ƙasa take shaƙar iska, ta 'yar tazarar da ƙafafun roba suka bari. Ka ɗora ta kan katifa ko bargo, ka toshe mata hanci ke nan. Idan CPU ya doshi digiri 95 zuwa 100, ko GPU na Nvidia ya kai wajen 87, sai na'urar ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Sarƙewar da kake gani ke nan: ba lalacewa ta yi ba, birki take takawa.

PS5 kuwa ba ta da wannan ƙuncin. Fankarta faɗin milimita 120 ce, ƙarfen shanye zafinta ƙato ne, tana shaƙa ta gaba ta fitar ta baya. Da wuya ta gaza in an ba ta iska mai kyau. Abin da ya fi kayar da ita shi ne a cusa ta cikin kabad ɗin talabijin, bayanta jingine da katako. Iskar da ta fitar ba ta da wurin zuwa, sai ta zagayo ta sake shaƙarta, kowane zagaye ya fi na baya ɗumi. Sony ta ce a bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, kuma an ƙera ta ne don wurin da bai wuce digiri 35 ba. Rufaffen kabad kan wuce haka ko da ɗakin da daɗi. Ƙanenka ya zura hannu bayan na'urar bayan awa ɗaya, in ya ji iskar wurin ta tsaya cik da ɗumi, ya gano ɓarawon. Ya fito da ita fili, shi ke nan. Mai Xbox Series X kuma sama zai kula da shi, don ta can take fitar da iska, kada a ɗora mata komai a ka.

In ya fito da ita ihun bai daina ba, to ƙura ce. A PS5 ta asali, ta shekarar 2020, idan aka kashe, aka zare waya, aka zame farin murfin, akwai ramuka biyu da aka yi musamman don tara ƙura, da injin zuƙo shara a ƙaramin ƙarfi ake kwashewa. Iyakarsa nan. Kada ya kwance har kan firosesa, domin ba irin maiƙon da aka saba shafawa ne a wurin ba, narkakken ƙarfe ne, kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa. Ɗigo ɗaya a kan allon ya isa ya kashe na'urar.

Kai ne ke da aiki, amma kai ne kuma ke da abin da shi ba shi da shi: kana iya ganin lambobin, kana iya rage zafin tun daga tushe. Sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin na'ura, ka buɗe `Sensors`, ka bar shi yana gudana a baya ka buga gem na minti talatin. Sai ka duba ginshiƙin `Maximum`, da layin da ke ɗauke da `Thermal Throttling` in firosesar Intel ce. In ya nuna `Yes`, magana ta ƙare, zafi ne ke sa ta taka birki.

Bari in ba ka yadda tawa ta kasance. CPU na kai wa 97, GPU na manne a 86 zuwa 87, gem ya soma da hoto sama da 120 a daƙiƙa ya gangaro yana tsalle-tsalle. Na fara tokare bayanta da littafi, na ɗaga ta kamar yatsu biyu ba tare da rufe ramukan ƙasa ba. Wannan kaɗai ya sauke digiri huɗu ko biyar. Daga nan na shiga NVIDIA Control Panel na sa `Max Frame Rate`, wato iyakar yawan hoto a daƙiƙa, a 60. Gem ɗin da nake bugawa ba na harbe-harbe ba ne, sittin ta ishe ni, ashe rabin wahalar da GPU ke sha ta banza ce. Ya sauko ƙasa da 75. CPU ne ya ƙi, sai na je `Power Options` a Windows na mayar da `Maximum processor state` daga 100 zuwa 99. Kashi ɗayan nan a laftop da yawa yana hana firosesa yin ƙarin gudun da ake kira turbo, wanda shi ne mai cin wuta. Sai da ya dawo wajen 80. Akwai asara fa, gem ɗin da ya dogara da CPU sosai zai ɗan yi nauyi, don haka gwada ka gani.

Da na buɗe ƙasanta daga baya, na tarar da ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da faifan ƙarfe kamar auduga, ta waje ba a ganinta sam. In za ka hure taka, kashe ta, ka danne fankar da tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Alamar wannan toshewar ita ce fanka na ƙara amma iskar da ke fita 'yar kaɗan ce. Idan kuwa iska na fita sosai amma ba zafi a cikinta, alhali lambar na tashi zuwa casa'in cikin 'yan daƙiƙoƙi, to zafin ba ya isa ga ƙarfen, maiƙon kan firosesa ya bushe. Hakan kan faru bayan 'yan shekaru, kuma aikin mai gyara ne in ba ka taɓa yi ba. Haka nan in ka ga wajen taɓawa da yatsa ya tasa ko jikin ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, daina amfani da ita sai an canja.

Fankar ɗorawa tana ɗan taimaka wa laftop mai ramuka a ƙasa, amma yawancin amfaninta ɗagawar nan ce da littafi ya yi mini. Ga PS5 ban ga dalilinta ba, waɗanda ake maƙala mata a baya ma suna iya tare hanyar iska. Ƙanƙara ko firji kuwa kada ku kuskura, raɓa za ta taru a ciki.