Gargaɗi ga masu saro kaya a Garwa da Marwa: laba 50 ba kilo 25 ba ce

Jama'a, a yi hattara da wani dillali da ke tallar abincin kifi da man inji a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar Garwa da Marwa. Kayansa na waje ne, an rubuta nauyinsu da laba da galan, shi kuma yana sayarwa da kilo da lita. A wajen juya lissafin nan yake cin mutane, kuma da yake a gaban idonka yake danna kalkuleta, sai ka ɗauka gaskiya ce.

Buhun abincin kifin an rubuta masa "50 lb", wato laba 50. Zai ce maka, "Alhaji, ai laba rabin kilo ce, ka ga buhu kilo 25 ke nan." Maganar tana shiga kunne, domin a bakin masu Faransanci laba giram 500 ce. Amma labar da ake rubutawa "lb" a jikin kaya giram 453.6 ce, kilo ɗaya kuwa laba 2.2046 ne.

Kada ka tsaya gardama da shi. Karɓi amsar da ya ba ka, ka mayar da ita inda ta fito. Idan da gaske kilo 25 ne, to 25 × 2.2046 ya kamata ya ba ka laba 50 ɗin da ke jikin buhu. Danna ka gani: 55.1 zai fito. Laba biyar ɗin da ta ƙaru ba ta cikin buhun. Lissafin gaskiya shi ne 50 × 0.4536 = 22.68, kuma idan ka mayar, 22.68 × 2.2046 zai dawo da kai kan 50 cif. In ka ga 49.9 ko 50.1 ba komai, guntun lambobin da aka yanke ne. Amma ratar laba biyar ba yankan lamba ba ce, cuta ce.

Wani zai ce kilo biyu da 'yan kai ai ba abin tayar da hankali ba ne. To a ce kun yi ciniki kan sefa 1,000 kowane kilo, ka ɗauki buhu 40. Ka biya kuɗin kilo 1,000, abin da aka loda maka kilo 907 ne. Kusan sefa 93,000 ta tafi, kuɗin buhu huɗu ke nan. Mai kiwon da ke auna wa kifinsa abinci da kilo, shi zai ga abinci ya ƙare tun kafin ranar da ya lissafa.

Na man injin ya fi wuyar ganewa, kuma shi ya fi damuna. Galan iri biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546. Bokitin da yake sayarwa galan 5 ne na Amurka, wato lita 18.9. Shi kuma sai ya ninka da na Ingila, ya ce lita 22.7. Idan ka ce a mayar da lissafi, da murna zai yarda, ya raba 22.7 da 4.546, biyar ta fito. Dole ta fito! Lambar da aka ninka da ita aka raba da ita, ko da ta ƙarya ce za ta mayar da kai inda ka taso. Don haka mayar da lissafi ba ya kare ka sai da lambar da kai kanka ka tabbatar, kuma a wayarka, ba tasa ba. Raba 22.7 ɗin da 3.785, za ka ga galan 6, alhali 5 aka rubuta.

Yaya za ka san wane galan ne? Duba jikin bokitin da kyau. Kamfanoni kan rubuta duka biyun, kamar "5 US GAL (18.9 L)", shi kuma daidai kan litar yake manna takardar farashinsa. Ɓare ta. In an kankare rubutun, a hau sikeli. Litar man inji ba ta cika kilo ba, wajen giram 880 ce, saboda haka lita 18.9 za ta ba ka kusan kilo 16.6 ban da nauyin bokiti, lita 22.7 kuwa sai ta kai kilo 20. Kada ya ce maka lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wannan lissafin ruwa ne, ba na mai ba.

Buhun ma a ɗora shi a sikelin wani ɗan kasuwa da ka yarda da shi kafin ka tura ko sisi ta waya. A rasit kuma ka sa a rubuta nauyin da kilo, yawan man da lita, ba "buhu" ko "galan" kawai ba, domin a kasuwa kowace jarka galan ake ce mata. Wanda ya riga ya saya, ya auna abin da ya rage a rufe, ya ɗauki hoton rubutun jikin kayan da na sikelin, ya kai wa shugabannin kasuwarsu.