Wace waya ce za ta gaya maka mai kira tana cikin aljihu?

Ƙanena tela ne, hannunsa kullum yana kan keke, ga ƙarar janareto. Kira biyu ne ba ya son su wuce shi: na Hajiyarmu da na maigidan da ke ba shi aiki. Da zai sauya waya muka zauna muka duba wannan batu.

Ba wa mutum sautinsa na daban ba abin ƙarin kuɗi ba ne. Ko ƙaramar Android mai manhajar Contacts ta Google tana yi: ka buɗe sunan, ka nemi wurin sa ringtone, ka zaɓi sautin. Inda wayoyi suka bambanta shi ne girgiza, kuma ita ce ke aiki a cikin hayaniya ko a wurin taro.

A nan iPhone ta yi gaba. Ka shiga sunan, Edit, Ringtone, sai Haptics (a tsofaffi Vibration), sannan Create New Vibration. Da yatsa za ka buga kiɗan da kake so a kan gilashin, ta haddace. Da muka gwada a ta abokin ƙanena, dogon bugu ɗaya da gajeru biyu muka yi wa Hajiya, ko cinya ta gane shi. Akwai kuma Emergency Bypass, wanda ke sa kiran mutumin ya yi ƙara ko an rufe wa wayar baki. Sai dai a kula, har a sahun salla zai yi.

Samsung tana biye. A Edit, ƙarƙashin View more, za ka ga sauti da girgizar kira, amma daga jerin da suka tanada za ka zaɓa. Ga mai mutum biyu ko uku ya wadatar, ita ƙanena ya ɗauka. Sauran wayoyin kuwa, kada ka yarda da "tana yi" ta mai shago. Ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kake, ka adana lamba ɗaya, ka sa a kira ka kafin ka biya.

Idan ka nemi wurin sa sauti ka rasa, yawanci lambar a SIM take, shi kuwa suna da lamba kawai yake riƙewa. Mayar da ita cikin wayar ko asusun Google. Idan kuma ka sa amma tsohon sauti ke fita, duba ko an adana lambar sau biyu.

Saura WhatsApp. A Android tsarinsa daban ne, a shafin mutumin ƙarƙashin Notifications, kuma girgizarsa Short ko Long ce kawai bayan ta asali. Maigidan ƙanena ta nan yake kira, don haka sai da muka sake saita masa a can.