Shafi goma ko talatin a jawabin minti ashirin?

Ana yawan tambayata: jawabin kasuwanci na minti 20, shafukan allo nawa ya kamata, goma ko talatin?

Mu yi lissafi. Ware minti 5 domin tambayoyi, saura 15. Da shafi 30, kowanne daƙiƙa 30 zai samu. Kafin mai zuba jari ya gama karanta jadawalin ribarka, ka riga ka wuce, shi kuwa ya daina sauraronka yana bin rubutu. Da shafi 10, kowanne na da minti ɗaya da rabi, isasshen lokacin da za ka bayyana inda kuɗin ke fitowa. Sai dai goman na buƙatar ka haddace zancenka sosai, domin allo ba zai tuna maka ba.

Mai neman jari ko amincewar shugabanni, goma ta fi masa. Talatin kuwa ta dace da mai nuna hotunan kaya, inda kallo ɗaya ya wadatar.