Sharhi a Kan FFmpeg Wajen Gano Inda Aka Taɓa Bidiyo

FFmpeg manhaja ce ta kyauta ta sarrafa bidiyo wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, ba ta da maɓallai, sai dai a rubuta mata umarni. Na yi amfani da ita a shagona na tace bidiyo a Ƙofar Ƙaura da ke Katsina, domin gwada hoton Hawan Sallah da na ɗauka a filin Kangiwa da wani kwafi da ke yawo a wayoyi, wanda na yi zargin an yanke shi.

Abin da take yi shi ne ta ɗora hoto kan hoto, ta cire ɗaya daga ɗaya, inda suka yi daidai ya zama baƙi, inda suka saɓa ya yi haske:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -i kwafi.mp4 -filter_complex "[0:v]format=gray[a];[1:v]format=gray[b];[a][b]blend=all_mode=difference" bambanci.mp4
```

An sa `format=gray` ne domin idan aka bar launi, allon kan fito kore maimakon baƙi. Kafin nan wajibi ne faɗi da tsayin bidiyoyin su zama ɗaya, haka ma yawan hotuna a daƙiƙa, saboda haka sai da na rage nawa zuwa girman kwafin.

A farko allon ya yi duhu, sai ɗigo-ɗigo a gefen rawuna da kayan dawaki. Wannan ba gyara ba ne, alama ce ta matse bidiyo da ake yi idan an tura shi ta waya, kuma wanda bai san haka ba zai iya zargin mutum a banza. A kusurwar dama kuwa wani fari ya tsaya cak bai motsa ba, ashe tambarin wani ne aka liƙa a kan kwafin.

Inda aikin yake buƙatar haƙuri shi ne wajen yanka. A minti na 3 allon ya haskaka gaba ɗaya, ya ci gaba a haka har ƙarshe, kamar an sauya komai. Gaskiyar ita ce daƙiƙa 8 kawai aka cire, wato hotuna 200 a bidiyo mai hotuna 25 a daƙiƙa, amma daga nan kowane hoto ya rabu da abokin gwajinsa. Manhajar tana nuna inda yankan ya fara daidai, tsawonsa kuwa kai ne za ka nemo da idonka, sannan ka daidaita farkon kowane bidiyo da `-ss` ka sake gwadawa. Da na yi haka duhu ya dawo, wanda ya tabbatar mini cewa wuri ɗaya aka yanke.

A ganina ta dace ƙwarai da gwada kwafi biyu na aiki ɗaya. Idan kuwa an juya hoton dama zuwa hagu, ko an datse gefensa, dole ka fara yi wa naka irin wannan sauyin, misali da `hflip`, kafin sakamakon ya zama abin dogaro.