Manhaja ko shafin intanet: wanne zan biya?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi. Wani ya ce zai yi min manhajar Android da iPhone a miliyan 1.2 cikin sati shida, wani kuma shafin intanet dubu 450 a sati uku. Wanne ya fi, kuma akwai sauran kashe kuɗi bayan an gama?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗauki shafin.

Na shagonmu na takalma shafi ne, kuma har yau ina sa wa yaron da ya yi mana albarka. Mai saye na danna adireshin da muka tura masa a WhatsApp, kaya su buɗe, ba ya sauke komai, ba ya kukan wayarsa ta cika. Ana gobe sallah muka ga an rubuta farashin wani takalmi ba daidai ba, ƙanwata ta gyara daga wayarta tana zaune ana yi mata lalle. Abin da muke biya bai wuce sabunta sunan shafin duk shekara da hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da hotuna da oda, sai ɗan abin da muke ba yaron idan wani abu ya tsaya. Manhaja ma mun taɓa yi, tana aiki dai, amma waɗanda suka sauke ta ba su kai a ƙirga ba.

Sati shidan da ya faɗa miki lokacin rubuta manhajar ne kawai. Idan sabon asusu za ki buɗe a Play Store da sunanki, Google na buƙatar mutum 12 su gwada ta kwana 14 a jere kafin ki nemi izinin sakinta ga jama'a. Idan da sunan kamfani ne, sai kin samo lambar D-U-N-S, wato wata lambar shaidar kamfani da Google ke nema, ita ma tana iya cin makonni. Bayan haka Google da Apple kowa zai duba, kuma suna iya dawo da ita a gyara, misali idan mutum na iya buɗe asusu amma babu inda zai goge shi. Ga ɗaukar hoton kaya da rubuta farashi, wanda aikinki ne, kuma a nan aka fi makalewa. Ki lissafa wata uku, kada ki yi wa kowa alkawarin azumi idan a Sha'aban aka fara.

Kuɗin bayan fage kuwa yawancinsa da dala ne. Google dala 25 ne sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, kuma shekarar da ba ki sabunta ba manhajar za ta ɓace daga App Store. A ce sabarki dala 10 a wata, 120 ke nan. Haɗa da na Apple, dala 219. Idan dala tana 1,500, naira 328,500 duk shekara ba a taɓa gyaran komai ba. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500, don haka kada ki ɗaure lissafin a kan farashin yau. Hayar saba tana kan mai shafi ma, na Apple ne babu.

Gyaran shi ne babban ramin. Android na fitar da sabon salo duk shekara, kuma Google na sa wa'adi, yawanci ƙarshen Agusta, a daidaita manhaja da shi. Wadda aka bari a baya, a hankali masu sababbin wayoyi za su daina ganinta. Ke nan ko ba abin da ya lalace sai kin sake kiran mai aikin kin biya. Ta iPhone kuma sai da kwamfutar Mac ake haɗa ta, ki tambaye shi ko yana da ita.

Kuɗin karɓar biya iri ɗaya ne a duka biyun. Paystack, kamfanin da ke karɓar miki kuɗin masu saye ta intanet, na cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, wato a atamfar dubu 30 naira 550 ta tafi. Ki sa shi a farashinki.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara. Akwai masu sayen manhajar da aka riga aka gina da ɗan kuɗi, su canza launi da suna, su ce daga tushe suka rubuta. Mafi muni shi ne wanda zai yi rajistar sunan shafin da asusun Play Store da imel ɗinsa. Ranar da kuka saɓa, shagon naki yana aljihunsa. Ke za ki buɗe komai da imel ɗinki, ki ba shi izinin shiga, a ajiye kod ɗin, wato rubutun da aka gina aikin da shi, a asusunki na GitHub, shafin da ake adana irin wannan rubutu. Ki raba kuɗin aikin kashi uku, na ƙarshe sai kin yi oda da wayarki kuɗin ya shigo asusunki. A rubuta wata nawa zai yi gyara kyauta da nawa zai riƙa karɓa bayan nan. Wanda ya ce miki babu sauran kuɗi bayan an gama, ki nemi wani.