Katunan ɗige ko wasan kibiyoyi: wanne ya dace da darasi ɗaya?

"Assalamu alaikum. An ba ni minti 40 in koya wa 'yan aji biyar tushen kodin, ga shi ba mu da kwamfuta. Katunan ɗige-ɗige na binari zan saya, ko wasan kibiyoyi a kan takarda zan yi?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ɗauki wasan kibiyoyi. Ba ya bukatar komai sai fallen littafin lissafi mai gida-gida da fensir. Kowane yaro ya zana fili mai gida huɗu a tsaye, huɗu a kwance, a fara daga gidan sama na hagu. Umarni biyar ne kacal: kibiyoyi huɗu na matsawa gida ɗaya, da ɗigo mai nufin a cike gidan da baƙi. Ɗaya ya rubuta umarni, abokinsa ya zama na'ura, ya bi abin da ke rubuce ba tare da ya ga hoton da ake nufi ba. Lallai su juya wa juna baya, domin idan na'urar ta hango hoton, tausayi zai sa ta gyara kuskuren a ɓoye, darasin kuwa a cikin kuskuren yake.

A ajina na sa su cike gidaje huɗu daga wannan kusurwa zuwa waccan:

```
● → ↓ ● → ↓ ● → ↓ ●
```

Wata yarinya ta gaji da rubutu, ta ce ai abu ɗaya ake ta yi, ta kewaye alamomi ukun farko, ta rubuta 4 a gefe. Da ƙawarta ta bi umarnin, a zagaye na huɗu sai fensirinta ya fice daga filin, ta ɗago tana cewa hanya ta ƙare. Su da kansu suka gano cewa sau 3 za a maimaita, sannan a ƙara ɗigo ɗaya. Cikin 'yan mintuna sun taɓa jeranta umarni, da maimaitawa, da farautar kuskure, ban furta sunan ko ɗaya ba.

Katunan kuwa na taɓa saye, suna nan cikin durowa. Ba laifi, biyar ne masu ɗige 16, 8, 4, 2, 1, yaro zai ƙirga har 31, ya san 13 shi ne `01101` a binari, wato rubuta lamba da 0 da 1 kawai, amma yadda kwamfuta ke adana lamba suke koyarwa, ba yadda ake ba ta umarni ba.

Ki kuma yi hattara da masu tallar "kayan koyon kodin" a leda da tsada. Wanda ya sayar mini ya rantse daga waje aka kawo su, ashe darussan CS Unplugged ne na Jami'ar Canterbury ta New Zealand, waɗanda ake saukewa kyauta, ya buga ya manna wa roba. Idan kin so katunan a wani zangon, kwali da alƙalamin maka sun isa.